Kifin Tekun Adriatic da Lissafin Mai Ci da Wanda Ake Ci

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, masuntan arewacin tekun Adriatic sun rage fita su sosai, domin ruwan ya cika da nakiyoyi da jiragen yaƙi, matasan da ke jan taru kuma an kwashe su zuwa fagen fama. Kowa zai ɗauka cewa kifin da ake kamawa don ci ya samu sarari, ya hayayyafa, ya cika teku. Amma da wani masanin halittun ruwa ɗan ƙasar Italiya, Umberto D'Ancona, ya zauna da littattafan kasuwannin kifi na Trieste da Fiume da Venice, sai ya ga wani abu daban. Kason kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin su kifin shak da danginsa, shi ne ya haura. A kasuwar Fiume, garin da yanzu ake kira Rijeka a ƙasar Kuroshiya, waɗannan mafarautan sun kasance kusan kashi 12 cikin ɗari na kamun shekarar 1914. A 1918 sun zarce kashi 36. Da aka koma su gadan-gadan, sai suka yi ta sauka har suka dawo kusan kashi 11 a 1923.

Taru dai ba ya zaɓe, yana kwasar mai ci da wanda ake ci. To me ya sa ɗauke shi ya fi amfanar mafarauci? D'Ancona ya kai wannan tambaya gaban Vito Volterra, ɗaya daga cikin manyan malaman lissafin Italiya, wanda kuma shi ne mahaifin Luisa, matar da D'Ancona ya aura. Volterra ya buga amsarsa a 1926. A Amurka, Alfred Lotka ya riga ya rubuta irin lissafin nan a littafinsa na 1925 ba tare da sun haɗa kai ba, shi ya sa har yau ake kiran tsarin da sunayensu biyu.

Volterra ya zubar da kusan komai na teku, ya bar abu huɗu. A kira yawan ƙananan kifi x, yawan mafarauta y. Idan babu mai cin su, ƙananan kifi za su riƙa ƙaruwa gwargwadon yawansu. Idan babu abinci, mafarauta za su riƙa mutuwa gwargwadon yawansu. Duk lokacin da aka yi kiciɓis, ƙaramin kifi ya yi asara, babba ya ƙaru. Ga yadda ake rubuta shi:

```
dx/dt = a·x − b·x·y
dy/dt = −c·y + h·x·y
```

Alamar dx/dt tana nufin saurin da x ke ƙaruwa ko raguwa a wannan lokacin, haka ma dy/dt ga y. Harafin a ƙarfin haihuwar ƙananan kifi ne, c saurin mutuwar mafarauta, b gwanintar kamu, h kuwa yadda abin da aka ci ke zama sababbin 'ya'ya.

Duk rigimar tana cikin x·y. Da babu shi, da kowane layi ya tsaya shi kaɗai, ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, ɗalibin sakandare ma ya warware. Amma haɗuwa ba ta bin lissafin ninka ɗaya ka samu ninki ɗaya. Idan ƙananan kifi suka ninka biyu, mafarauta ma suka ninka biyu, haɗuwarsu sau huɗu za ta ninka. Wannan ne ake nufi idan aka ce tsarin ba ya tafiya a miƙe. Sakamakonsa shi ne babu wata sassauƙar dabara da za a zuba mata shekara ta fitar da yawan kifi. Sai a canja tambaya. Maimakon nawa ne a shekara kaza, a tambayi ina ne tsarin zai iya tsayawa cik, kuma idan bai tsaya ba, ina ya dosa.

Neman wurin tsayawa abu ne mai sauƙi: wurin da babu ƙaruwa, babu raguwa, wato layukan biyu duk su zama sifili. Layin farko ana iya rubuta shi x(a − b·y), wanda ba zai zama sifili ba sai in x sifili ne ko kuma y = a/b. Na biyu y(h·x − c) ne, sai in y sifili ne ko x = c/h. Idan aka haɗa, wurare biyu kacal ke fitowa. Na farko tekun da babu kowa. Wannan daidaito ne na banza, domin da an jefa ƙananan kifi biyu za su yi ta yaɗuwa su bar shi. Na biyu shi ne mai magana: x = c/h, y = a/b.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Yawan ƙananan kifi a wurin daidaito bai dogara da haihuwarsu ba ko kaɗan. C da h halayen mafarauci ne. Yawan mafarauta kuma bai dogara da saurin mutuwarsu ba; a da b ke yanke shi. Ma'ana, a cikin wannan lissafi, idan aka wadata ƙananan kifi da abinci har haihuwarsu ta ninka, ba su za su ƙaru ba, masu cin su ne za su ninka. Wannan shi ne abin da hankali ba ya kawowa da kansa, kuma daga nan amsar D'Ancona za ta fito.

A ɗauki lambobin misali, waɗanda aka zaɓa don sauƙin lissafi, ba daga wani teku aka auno su ba: a = 1, b = 0.05, c = 0.5, h = 0.0005, lokaci kuma a shekara. Daidaito ya faɗo a ƙananan kifi 0.5/0.0005, wato 1,000, da mafarauta 1/0.05, wato 20. A gwada a gani: kifi 1,000 na haifar 1,000 a shekara, mafarauta 20 na cinye 0.05 × 1,000 × 20, wato 1,000 cif. Mafarauta 10 na mutuwa, 10 na maye gurbinsu. Babu abin da ya motsa.

To amma teku ba ya fara rayuwa daga wurin daidaito. Don ganin abin da ke faruwa a sauran wurare, masana kan ajiye kalanda gefe su zana wani irin hoto. Layin kwance na ƙananan kifi ne, na tsaye na mafarauta. Kowane ɗigo a takardar yana nuna halin da teku ke ciki a wani lokaci: kifi kaza, mafarauta kaza. Yayin da lokaci ke tafiya, ɗigon na matsawa yana barin sawu. Sai a ja layi a tsaye ta kan 1,000, a ja wani a kwance ta kan 20, takarda ta rabu gida huɗu. Doka biyu ce kawai: muddin mafarauta ba su kai 20 ba ƙananan kifi na ƙaruwa, da sun wuce 20 sai raguwa; muddin ƙananan kifi sun wuce 1,000 mafarauta na ƙaruwa, da sun gaza sai raguwa.

A fara da kifi 1,500 da mafarauta 20. A wannan lokacin ƙananan kifi sun kai ƙololuwa, haihuwa da ci sun yi kunnen doki. Su kuwa mafarauta kakarsu ta yanke saƙa: 15 ake haifa a shekara, 10 ke mutuwa. Da sun haura 20, ƙananan kifi sun fara zaizayewa. Duk da haka mafarauta ba sa daina ƙaruwa nan take, domin kifi 1,300 ko 1,100 har yanzu ya fi abin da suke bukata. Sai ranar da kifi ya sauko 1,000 suke kaiwa tasu ƙololuwar, kusan 27. Daga nan yunwa ta shigo, suna raguwa, amma har yanzu sun fi 20, don haka ƙananan kifi na ci gaba da faɗuwa har wajen 626. A lokacin mafarauta sun dawo 20. Kifi ya fara farfaɗowa, mafarauta kuwa ba su san da haka ba tukuna, suna ta raguwa har ƙasa da 15, lokacin da kifi ya sake taka 1,000. Sannan duka biyun su hau tare, har a iso 1,500 da 20, daidai inda aka faro.

Abu uku ake karantawa daga wannan zagaye. Na ɗaya, alkiblarsa: yana juyawa saɓanin hannun agogo, wanda ke nufin abin farauta ke gaba, mafarauci na biye. Na biyu, tazarar da ke tsakanin ƙololuwar wannan da ta wancan kusan rubu'in zagaye ce. Na uku, tsawon zagayen. Idan ba a yi nisa da daidaito ba, tsawonsa 2π/√(a·c) ne, wanda a misalin nan ya kama kusan shekara tara, mafarauta na bin baya da shekara biyu da ɗoriya. Abin lura, gwanintar kamu ba ta shiga wannan awo ba. Haihuwar ɗaya da mutuwar ɗayan ne kaɗai ke saita agogon.

Sai dai akwai wata tambaya da bin gidaje huɗun nan bai amsa ba. Ya nuna ana kewayawa, amma bai nuna an dawo daidai kan ɗigon farko ba. Ana iya dawowa ɗan ciki kaɗan, a yi ta murɗawa har a faɗa tsakiya, ko a dawo ɗan waje, zagayen ya yi ta faɗi. Dabarar da aka saba ita ce a matsa kusa da daidaito a ɗauki tsarin kamar miƙaƙƙe ne. A mafi yawan lokuta wannan na yanke hukunci, ya ce wurin yana jawowa ko yana korewa. A nan kuwa sai ya faɗo daidai kan iyaka, bai ce ciki ba, bai ce waje ba, kuma a irin wannan hali ɗan abin da aka yar wajen sauƙaƙawa shi ne ke iya juya hukuncin. Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe, su rubuta cewa zagayen a rufe yake tun kafin su kawo hujja.

Hujjar ta fito ne daga wani adadi da ba ya canjawa komai hawa da saukar kifi:

```
V = h·x − c·ln(x) + b·y − a·ln(y)
```

Idan aka lissafa saurin canjin V ta amfani da layuka biyun farko, komai na soke ɗan'uwansa, a tashi da sifili. Siffar V kuwa kamar ƙwarya ce: gindinta na kan wurin daidaito, gefenta na hawa ta kowace fuska. Tunda V ba ya canjawa, ɗigon teku ba shi da ikon gangarawa gindi ko haurawa baki, dole ya bi zobe ɗaya mai tsayi ɗaya. Shi ya sa zagayen ke rufewa. Kuma ba zagaye ɗaya ba ne, zobba ne cikin zobba ba iyaka, wurin da aka faro shi ke zaɓar wanda za a hau. Da wannan V ɗin aka samo 626 da 27 na sama, ba tare da an bi tafiyar kwana-kwana ba: an daidaita ƙimarsa a wurin farawa da ƙimarsa a ɗaya gefen.

Volterra ya ƙara gano wani abu mai daɗi. Ko zoben ƙarami ne ko babba, idan aka ɗauki matsakaicin yawan kifi a cikakken zagaye guda, zai faɗo daidai kan lambar daidaito, 1,000 da 20 a misalinmu. Saboda haka wurin daidaito na da amfani ko da teku bai taɓa zama a kansa ba, domin shi ne matsakaicin abin da kasuwa za ta gani cikin shekaru.

Yanzu a shigo da masunta. A ce taru na kwashe kashi ɗaya cikin biyar na kowane ɓangare a shekara, wato 0.2. Ga ƙananan kifi, ƙarfin ƙaruwa ya sauko daga 1 zuwa 0.8. Ga mafarauta, saurin mutuwa ya hau daga 0.5 zuwa 0.7. Sabon daidaito: kifi 0.7/0.0005, wato 1,400, mafarauta 0.8/0.05, wato 16. Su na matsakaici ya ƙara yawan ƙananan kifi, ya rage mafarauta. A ɗauke tarun, kamar yadda yaƙi ya yi, sai a koma 1,000 da 20, kason mafarauta ya tashi daga kusan ɗaya cikin ɗari zuwa kusan biyu. Abin da littattafan Fiume suka nuna ke nan ta fuskar alkibla. Akwai iyaka, ba shakka: idan kwasar ta wuce ƙarfin haihuwar ƙananan kifi, daidaiton ya ɓace, duka biyun su ƙare.

Wannan ƙa'ida ta fi cizo a gona. Wani ƙwaro mai tsotsar ruwan bishiya da ya shigo daga Ostireliya ya kusa durƙusar da gonakin lemo na California a ƙarni na 19, har aka kawo wata 'yar buzuzu mai cin sa daga can ƙasarsa wajen 1888, ta kwantar da shi. Da aka fara feshin DDT a shekarun 1940, maganin ya kashe mai ci da wanda ake ci, ƙwaron ya dawo da ƙarfinsa. Feshin da ba ya zaɓe taru ne, kuma lissafin ya riga ya faɗi wanda zai ci riba. Irin wannan tunani na bayan aikin da masu binciken noma ke yi a Nijar, inda ake kiwon wata 'yar mitsitsiyar rina mai suna Habrobracon hebetor ana sakin ta a gonaki don ta far wa tsutsar da ke huda zangarniyar gero.

Duk da wannan nasara, wanda ya ɗauki rufaffen zoben Volterra a matsayin hoton daji ko teku na gaskiya ya yi gaggawa. Zoben ba shi da ƙwari. Babu abin da ke jan tsarin ya koma kan zoben da yake. Fari ko annoba ta ture shi zuwa wani, a can zai zauna har wata turar ta zo. Kuma ƙaramin gyara a lissafin na rusa hoton gaba ɗaya. A ƙara cewa abincin ƙananan kifi na da iyaka, cunkoso na rage haihuwarsu, sai V ya daina tsayawa, zagayen ya riƙa murɗawa ciki har ya kwanta a kan daidaito. A ƙara cewa mafarauci na ƙoshi, ba ya cin ninki goma don abinci ya ninka goma, sai a iya samun wani irin zagaye daban, guda ɗaya tak, wanda ke jawo duk hanyoyin da ke kusa da shi daga ciki da waje. Irin tsarin da Rosenzweig da MacArthur suka bayyana ke nan a 1963. Hanyar rarrabewa ita ce a ture tsarin a zuba ido: idan girman hawa da saukar ya koma yadda yake a da, zagaye mai jawowa ne, idan ya zauna a sabon girma, irin na Volterra ne.

Manyan zobba na da wata matsalar. A misalinmu, idan aka faro da kifi 4,000 da mafarauta 20, za a faɗo har wajen 80 kafin a farfaɗo. Idan aka faro da 10,000, lissafin zai sauko ƙasa da rabin kifi guda, sannan ya ce daga nan aka sake cika teku. Rabin kifi ba ya haihuwa. Masanin Rasha Georgy Gause ya ga haka da idonsa a farkon shekarun 1930, da ya haɗa ƙananan halittun ruwa biyu, Paramecium da Didinium mai cin sa, a kwalba: mafaraucin ya cinye abincinsa tas, shi ma ya bi shi. Sai da Gause ya riƙa ƙara sababbi daga waje lokaci-lokaci sannan ya ga hawa da sauka.

Mai gwada lissafin a kwamfuta ma yana da nasa tarkon. Hanya mafi sauƙi, wadda ake dangantawa da Euler, ita ce a ɗauki saurin yanzu a yi taku ɗaya a miƙe. Amma taku a miƙe daga kan lanƙwasasshen zobe kullum waje yake sauka, don haka hoton zai nuna zagaye na buɗewa a hankali, mutum ya zaci ya gano wani abu game da kifi alhali kuskuren takunsa ne. Gane shi ba wuya: a sa kwamfutar ta riƙa buga ƙimar V a kowane taku. Idan tana hawa, laifin na hanyar lissafi ne, kuma rage tsawon takun zai rage hawan.

Shahararren misali daga doron ƙasa shi ne na zomon dusar ƙanƙara da kyanwar dajin Kanada mai cin sa. Kamfanin Hudson's Bay, wanda aka kafa a 1670, ya daɗe yana rubuta yawan fatun da maharba ke kawo masa, kuma Charles Elton da Mary Nicholson sun tattara na kyanwar a 1942 suka nuna hawa da sauka na kusan shekara goma-goma. Littattafan makaranta na son hoton nan, amma da Michael Gilpin ya zana wani yanki na lambobin a irin takardar da aka bayyana a sama, a 1973, sai ya ga zagayen na bin hannun agogo, kamar kyanwa ce ke gaba zomo na biye. Kan takardarsa ma tambaya ce ta zolaya, ko zomaye ne ke cin kyanwa. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne lambobin na fatu ne, ba na dabbobi ba. Kasuwa da himmar maharba sun shiga ciki, fatun zomo da na kyanwa kuma ba lallai daga yanki ɗaya suka fito ba.

Don a rabu da kasuwar fata, Charles Krebs da abokan aikinsa sun yi shekaru a yankin Kluane na Yukon suna gwaji a cikin dajin kansa. Sun kewaye wasu filaye da shingen lantarki don hana dabbobi masu farauta shiga, wasu filayen sun zuba wa zomaye abinci, wani kuma sun haɗa duka biyun. A sakamakon da suka buga a 1995, hana mafarauta ya ninka yawan zomo kusan sau biyu, ƙarin abinci kusan sau uku, haɗin biyun kuwa kusan sau goma sha ɗaya, fiye da abin da tarawa ko ninka biyun zai bayar. Wato ciyawa da zomo da masu cin zomo hawa uku ne da ke juya juna, kuma kyanwar ba ita kaɗai ke farauta ba, akwai karnukan daji da mujiya da shaho. Takarda mai layi biyu ba ta ɗaukar wannan. Sai an ƙara layi na uku na abincin zomo, inda ɗigon zai riƙa yawo a sarari mai tsawo da faɗi da zurfi, kuma a can babu wani V da ke tilasta masa dawowa kan sawunsa.